Sanarwar neman taimakon rufin Islamiyya: me za a cire, me za a saka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Iskar farkon damina ta yaye rufin ajujuwa biyu a Islamiyyarmu. Kafinta ya yi kiyasin naira 1,800,000, mun tara 430,000. Na rubuta cewa: "Marayu sama da 500 na cikin mawuyacin hali, makaranta na gab da rushewa. Duk wanda ya ga saƙon nan ya wuce, Allah zai tambaye shi ranar gobe." An yi ta turawa amma kuɗi ba su shigo ba, wani dattijo ma ya ce na yi ƙari. Gaskiya ɗalibanmu 210 ne, marayu 34. Yaya zan gyara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya saka maka da wannan ɗawainiya. Na daɗe ina riƙe da sakatarcin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma irin wannan takarda ta sha bi ta hannuna.

Dattijon nan ya yi maka gata. Waɗanda za su fi ba ka kuɗi su ne waɗanda suka san makarantar: tsofaffin ɗalibai, iyayen yara, 'yan unguwa da ke zaune a Abuja ko Legas. Kowannensu ya san ginin ba ya ɗaukar yara 500. Da zarar mutum ya kama ka da ƙari a lamba ɗaya, sai ya fara shakkar kiyasin kafintan ma, ya ce ai shi ma an hura shi. Ba zai faɗa maka ba, zai dai yi shiru ne. Bayan wannan kuma akwai nauyin addini, domin kuɗin da mutum ya bayar da sunan marayu 500 alhali 34 ne, an karɓe su a kan abin da ba haka yake ba. Ka rubuta 34 ɗin yadda suke. Ka ma ƙara matsawa: yara nawa ne ke zama a ajujuwan nan biyu? Ka buɗe rajista ka ƙirga, wannan ce lambar da ta shafi rufin.

Sai jimlar "Allah zai tambaye shi". Na san da kyakkyawar niyya ka rubuta ta, amma ka cire ta gaba ɗaya. Ba ka san halin da mai karantawa yake ciki ba. Wataƙila yana da mara lafiya a asibiti, wataƙila jiya ya biya wa 'ya'yan ƙaninsa kuɗin makaranta. Yanke masa hukunci ba hurumin sakataren kwamiti ba ne. Kuma akwai wata illa da na lura da ita: wanda aka tsorata yakan nemi hanya mafi arha ta sauke nauyin, ita ce ya danna turawa ya ce ya yi nasa. Shi ya sa saƙonka ya zaga ko'ina, asusu kuwa yana nan yadda yake. In kana son kawo nassi, ka kawo na kwaɗaitarwa guda ɗaya, kamar hadisin sadaka mai gudana da ke cikin Sahihu Muslim, ka tsaya a nan.

To me zai motsa mutum in an cire tsoro da ƙari? Ya ga wurin da idonsa, ya kuma ga inda kuɗinsa za su sauka. "Mawuyacin hali" ba ya nuna komai, kowace sanarwa haka take cewa. Amma in ka ce da hadari ya haɗu sai malama ta tattara alluna da littattafai a buhu ta sallami yara kafin La'asar, mai karatu ya gani. Ka je makarantar da yamma ka zauna, abin da ka gani shi za ka rubuta.

Bari in ɗauka kiyasin ya kasu kamar yadda zan nuna, kai kuma ka maye gurbin lambobin da na takardar kafintanku, haka ma kwanan wata da yawan yaran:

"Assalamu alaikum. A daren 20 ga Mayu iska ta yaye rufin ajujuwa biyu a Islamiyyarmu. Ba wanda ya ji rauni, alhamdulillahi, bango ma lafiya yake. Yara 76 da ke ajujuwan yanzu a baranda suke karatu, duk ranar da hadari ya taso sai a sallame su. Gyaran zai ci naira 1,800,000: kwano bandir takwas, 960,000, katako, 480,000, ƙusa da sauran tarkace, 110,000, ladan aiki, 250,000. Iyayen yara da malamai sun riga sun haɗa 430,000, saura 1,370,000. Fallen kwano ɗaya naira 6,000 ne, bandir guda 120,000. Muna fatan a rufe kafin ruwan Agusta ya kankama. Wanda ya fi son kawo kwano ko katako da kansa, ƙofa a buɗe take. Wanda bai samu dama ba, muna roƙon addu'arsa."

Dubi inda aka ce bango lafiya yake. Mutane da yawa suna tsoron rubuta irin wannan, suna ganin zai rage tausayi. Ni abin da na gani shi ne yana ƙara yarda, saboda wanda ya faɗi abin da bai lalace ba, an fi gaskata shi a kan abin da ya lalace. Kuma "gab da rushewa" yana sa mutum ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, ya ce dubu biyar ɗina me za ta yi wa ginin da zai faɗi.

Kada ka ɓoye 430,000 ɗin da kuka tara da tunanin za a ce kun wadatu. Wasu masana tattalin arziki biyu, John List da David Lucking-Reiley, sun gwada wannan a wata gidauniyar jami'a a jihar Florida ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 2002: da aka shaida wa mutane cewa an riga an samu kashi 67 cikin ɗari na kuɗin, abin da aka tara ya kusa ninka sau shida na waɗanda aka ce wa kashi 10 aka samu. A masallaci ma haka muke gani ranar gidauniya, sai an sanar da abin da na farko suka ajiye kafin sauran hannaye su shiga aljihu.

Farashin falle ɗaya kuwa yana ba mai ƙaramin ƙarfi wurin tsayawa. Bandir na kwano falle 20 ne, saboda haka tsofaffin ɗalibai 'yan aji ɗaya su ashirin za su iya cewa bandir guda namu ne.

Game da hoto, ka ɗauki rufin, da katakon da ya karye, da barandar daga nesa. Kada ka jera marayu a gaban kyamara. Yaron nan zai girma a unguwar, abokansa za su ga hoton, mahaifiyarsa ma za ta gani. Kuma ka guji rubuta "ku kawo zakkarku" sai kun tambayi malamanku, domin mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su sanya gini cikin gidaje takwas na zakka da ke aya ta 60 a Suratut Tauba ba. Ka ce sadaka, ya wadatar.

A ƙarshen sanarwar ka sa asusun makaranta ko na kwamiti mai sa hannun mutum biyu, kada ya zama asusun mutum ɗaya, ko da limami ne. Ka rubuta ranar da ka fitar da ita da ranar rufe karɓa, saboda irin wannan saƙo yakan ci gaba da yawo shekara guda bayan an gama aiki. Ka faɗi tun yanzu abin da za a yi da rara in an samu, misali benci ko allon bango. Sannan kowace Juma'a ka fitar da layi biyu: an samu kaza, saura kaza, ga rasit ɗin abin da aka saya. Tunda dattijon nan shi ya fara lura da ƙarin, ka kai masa sabuwar sanarwar ya karanta kafin ta fita, in ya yarda ma ka roƙe shi ya zama ɗaya daga cikin masu sa hannu.