Amsa ga 'yata a kan Gandun Dabbobi

"Kawu, ina gaisuwa. Yarona mai shekara 13 ya karanta Gandun Dabbobi, ya ce tatsuniya ce ta aladu masu mugunta. Na san siyasa ce a ciki, amma mu a gida ba a taɓa fassara mana tatsuniya ba, ƙurunƙus kawai ake yi a tashi. Shin in bi al'ada in ƙyale shi, ko in buɗe masa?"

'Yata, ina amsawa, kuma ina fatan ku duka kuna lafiya a Nima. Lokacin da muke yara a Aboabo, kakarku takan zaunar da mu bayan sallar isha'i ta ce ga ta nan ga ta nanku, kuma ban taɓa jin ta tsaya ta ce mana ga wanda ake nufi da kura ba. Ba ta bukatar faɗa, domin kurar tatsuniya kowane mai haɗama ne, Gizo kuwa, wanda maƙwabtanmu Asante suke kira Ananse, kowane mai wayon cuta ne, kuma yaro zai haɗu da su da ƙafarsa a kasuwar Kejetia kafin ya yi gemu. Al'adar ta yi shiru ne a kan abin da rayuwa za ta koya wa yaro da kanta. Littafin nan kuwa yana nuni ga mutane sanannu da shekaru sanannu a wata ƙasa mai nisa, kuma babu yadda abokina zai tsinci wannan a titi. Saboda haka ki buɗe masa, amma ki riƙe abu guda daga al'adar, wato kada ki riga shi kaiwa ga ma'ana.

George Orwell ya fitar da littafin a Ingila a 1945, Bala Abdullahi Funtua kuma ya mayar da shi Hausa a 1975, inda dabbobin suka sami sunaye irin namu. Kuskuren da na fi gani shi ne babba ya fara da jero wa yaro cewa alade Maitumbi shi ne Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet, alade Ɗantulu shi ne Trotsky abokin hamayyarsa, Nomau mai gandu shi ne sarkin Rasha da aka tumɓuke a 1917. Duk gaskiya ne, amma yaro zai haddace su kamar jadawalin lissafi, ya amsa tambayar jarrabawa, ba tare da ya gane yadda aka yi waɗanda suka kori azzalumi suka koma kamarsa ba. Ki ajiye sunayen tukuna, ki fara da madara.

Ki sa ya karanta miki ƙarshen babi na biyu da murya. Dabbobi sun kori Nomau, an tatsi shanu, ga bokitai biyar na madara a ajiye, sai wani ya tambayi abin da za a yi da ita. Maitumbi ya tsaya gaban bokitan ya ce a bar wannan zance, aikin girbi ya fi muhimmanci. Da yamma suka dawo, madara ta ɓace. A nan ki dakatar da shi ki tambaye shi wa yake zargi, kuma me ya sa babu wanda ya ɗaga murya. Ki ba shi lokaci ko da zai yi shiru na ɗan wani lokaci. A babi na uku zai ji Karambana, kakakin aladu, yana cewa aladu ne masu aikin ƙwaƙwalwa, don amfanin kowa suke shan madarar, kuma in suka gaza Nomau zai dawo. Ki nuna masa cewa har Ɗantulu, wanda yara suke tausaya wa, ya yarda da wannan rabo. Wannan wurin yana da nauyi a wurina, domin ba a zubar da jini ba, ba a daki kowa ba, an dai ware wa wasu abin da aka ce na kowa ne, aka rufe bakin sauran da tsoron tsohon maƙiyi.

Daga nan ki bi da shi zuwa bangon da aka rubuta dokoki bakwai. Ki ba shi takarda ya rubuta su yadda suke da farko, sannan duk inda aka sake karanta wata doka ya kwatanta. Zai ga da idonsa cewa ba a goge su, ƙari ake yi musu a wutsiya. Hanin kwana a gado ya koma hanin gado mai zanen rufa, hanin kisa ya koma hanin kisa ba dalili, hanin giya ya koma hanin wuce kima. Sai ki yi masa tambayar da na fi so, wato su wa suka iya karatu a gandun. Akawal, dokin da ya fi kowa aiki, bai wuce haruffa huɗu ba. Jakin gandun ya iya karatu sarai amma ya zaɓi yin shiru, har ranar da mahauta suka zo suka ɗauke Akawal. Ko daren da aka tarar da Karambana a ƙasa kusa da karyayyen tsani, ga fitila ga gwangwanin fenti, yawancin dabbobi ba su fahimci abin da suka gani ba. Mu da muka taso a zango, muka ga iyayenmu suna dangwala yatsa a takardun da ba su iya karantawa ba, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, kuma ya kamata ki faɗa masa haka.

Sai ya kama wannan zaren sannan ki kawo tarihi, kaɗan kaɗan. Karnuka taran da Maitumbi ya raba da iyayensu tun suna ƙanana ya raine su a ɓoye su ne 'yan sandan ciki, korar Ɗantulu kuwa ita ce korar Trotsky daga ƙasar a 1929, kafin a bi shi har Meziko a kashe shi a 1940. Dabbobin da suka amsa laifin da ba su yi ba aka yayyaga su a bainar jama'a suna nuni ga shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938. Wannan ya ishe shi a shekarunsa, kuma kada ki wahalar da kanki wajen nemo wa kowace kaza da agwagwa takwararta.

Akwai wurare biyu da yaranmu suke zamewa. Na farko, yaro Musulmi yakan ɗauka an zaɓi alade ne don ƙazanta, alhali a cikin labarin an zaɓe shi ne don ya fi sauran dabbobi kaifin kai, kuma da wannan ilimin ya mallake su. Na biyu, yana iya cewa ashe gara a bar Nomau, sai ki mayar da shi babi na farko da na biyu ya ga yunwar da ta sa suka yi bore, domin marubucin kansa ɗan gurguzu ne, kukansa a kan cin amanar boren ne. In kuma ya fara cewa jam'iyya kaza ta nan Gana ita ce aladu, ki ce ya nuna miki madarar da aka ɓoye ko dokar da aka ƙara wa wutsiya kafin ya ambaci sunan kowa.

Bayan mako guda ki tambaye shi a wane wuri dabbobin za su iya tsayar da abin tun bai yi nisa ba. In ya ce ranar da karnuka suka fito, ki ce ya ƙara komawa baya. In kun zo Kumasi hutu ki taho da shi da takardar tasa, ina so in ji amsar daga bakinsa.