Inda kare ke susa shi ke faɗa maka ciwonsa

"Maigida, jiya karnuka uku aka kawo, duk susa suke yi, duk gashi ya zube. Ni a idona ƙazuwa ce duka, amma kai tun ba ka taɓa su ba ka ce ɗaya ƙuma ce, ɗaya ƙazuwa, ɗayan kuma a dakata tukuna. Me ka gani da ni ban gani ba?"

Kai fatar ka duba, ni kuwa karen na duba. Fatar da aka daɗe ana susa duk kamanninta ɗaya ne: ta yi baƙi, ta yi kauri, gashi ya kakkarye, ga ɓawon ciwo. Ba za ta gaya maka abin da ya fara ba. Shi ya sa idan an kawo kare nake barinsa ɗaure a inuwa kamar minti 5 ina hira da mai shi, idona yana kan dabbar. Da hankalinsa ya kwanta, da kansa zai kai baki ko ƙafa wurin da ke damunsa.

Mu fara da ƙuma, don ita ce ta fi yawa kuma ta fi sauƙin kamawa. Ka raba kare biyu a zuciyarka daga ƙarshen haƙarƙari. Ƙuma ta rabin baya ce: ƙugu, gindin wutsiya, bayan cinyoyi, wani lokaci har matse-matsi. Yadda yake yi ma daban ne. Yana kwance lafiya lau sai ya zabura kamar an soka masa allura, ya juya da sauri ya dinga gatsar ƙugunsa da haƙoran gaba. Idan abin ya daɗe za ka ga gashi ya zube daga tsakiyar baya, yana ƙara faɗi har zuwa gindin wutsiya. Karen farko na jiya haka yake, kansa da kunnuwansa sumul.

Mai kare zai rantse maka bai taɓa ganin ƙuma ko ɗaya ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Karen da jikinsa ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi ya yi kwanaki yana susa, kuma saboda yawan gatsa yana haɗiye ƙumar kafin kowa ya gan ta. Don haka kada ka nemi ƙumar, nemi kashinta. Ka tsayar da shi kan farar takarda, ka taje ƙugun da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙaƙen ɗigo za su zubo kamar garin masoro. Ka ɗiga musu ruwa. Ƙasa ce, za ta tsaya yadda take. Kashin ƙuma ne, zai narke ya yi ja, domin busasshen jini ne. Ka kuma ɗaga wutsiya. In ka ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa manne a gashin dubura, gaɓar tsila ce, kuma irin wannan tsilar ta haɗiyar ƙuma kare yake samunta.

Ƙazuwa kuwa wuraren da gashi bai da yawa take so, kuma gefe-gefe take bi: bakin kunne, gwiwar ƙafar gaba, gwiwar ƙafar baya, ƙirji da ciki. Gadon baya shi ne na ƙarshe da take kaiwa, ka ga ta yi hannun riga da ƙuma ke nan. Ƙwaron da ke kawo ta, sarkoftis, ido ba ya ganinsa. Macen ce ke haƙa rami cikin saman fata tana zuba ƙwai. Ƙaiƙayinta ba ya da na biyu. Kare yana cikin cin abinci zai bar kwano ya yi susa, dare ma ba ya barci. Ka shafa bakin kunnen da yatsa, za ka ji ɓawo busasshe mai kauri, ruwan toka ko rawaya-rawaya.

Ga gwajin da ka ga na yi ka ɗauka wasa nake da karen. Bayan an sa masa takunkumi, kai kuma ka sa safar hannu, ka kama bakin kunnen tsakanin babban yatsa da manuni ka murza a hankali na ɗan daƙiƙu. Mafi yawan karnuka masu wannan ƙazuwa, ƙafar baya ta wannan ɓangaren za ta fara harbin iska kamar tana susa. Ba hukunci ba ne, don kare mai ciwon cikin kunne ma yakan yi, amma idan ya haɗu da ɓawo a gwiwa, ka kusa gida. Abu ɗaya da ke ruɗin sabon hannu a nan ƙasar shi ne cizon ƙuda. Da damina ƙudaje kan cinye tsinin kunnen kare har ya yi jini ya bushe baƙi. Wannan a tsini kawai yake tsayawa, gwiwoyi lafiya, kuma karen kaɗa kai yake yi, ba susar jiki ba.

Bari in ba ka labarin inda ni na sha ƙasa, lokacin ban fi ka daɗewa a aikin ba. Wani mafarauci ya kawo mini karensa, ɗan shekara 2, kilo 15, wata guda yana susa. Na kankare fatar da reza a wuri biyu, na duba a madubin likita, ban ga komai ba. Sai na ce alaji ne, abin da a jikin mutum mukan kira borin jini, na yi masa allurar deksa, maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ya ɗan lafa kwana uku, bayan mako biyu aka dawo da shi ya fi da lalacewa, ciki duk ƙuraje. Muna magana sai na lura mutumin yana ta sosa damtsensa. Na ce ya naɗe hannun riga: ƙananan jajayen ƙuraje a hannu, ya ce akwai su kuma a ƙugu, wajen mazagin wando. Na tambayi sauran karnukansa, ya ce biyu sun fara, kuma duk abin ya soma ne bayan wata fita farauta da suka cuɗanya da karnukan wasu.

Kuskurena shi ne na yarda da reza fiye da idona. Sarkoftis kaɗan ne a jikin kare, sau da yawa sai ka kankare wuri biyar ba ka samu ko ɗaya ba. Rashin ganinsa ba ya wanke kare. Alaji kuma ba ya tsallakawa daga kare zuwa kare, balle zuwa mutum. Na yi wa karnukan uku allurar aibamektin ƙarƙashin fata, miligiram 0.3 a kowane kilo. Ruwan da muke da shi na kashi 1 cikin 100 ne, wato miligiram 10 a kowace mililita, don haka mai kilo 15 ya samu miligiram 4.5, mililita 0.45 ke nan. Na maimaita bayan mako biyu, na sake bayan wasu biyun, aka ƙone tsummokaran da suke kwana a kai. Kafin allura ta uku susa ta kusa ƙarewa, na mutumin kuma ya baje da kansa, don ƙwaron kare ba ya daɗewa a jikin ɗan Adam. Wannan lissafin ka riƙe shi, amma kada ka ɗauki sirinji sai ina wurin. A auna kare a sikeli, ba da ido ba, ba a yi wa ƙananan 'yan kwikwiyo, kuma akwai karnukan Turai irin su koli da danginsa da wannan magani kan taɓa wa ƙwaƙwalwa har ya kashe. Ka kuma sani aibamektin ba ya maganin ƙuma. Masu yi wa kowane kare mai susa allurarsa, rabin aikinsu asarar kuɗin mutane ne.

Akwai ƙazuwa ta biyu, demodeks, wadda halinta ya saɓa da ta farko. Galibi ƙaramin kare take kamawa, wanda bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Gashi ya zube kewayen ido kamar ya sa tabarau, da gefen baki, da ƙafafun gaba, amma ba ya susa sosai sai in ƙwayoyin cuta sun shiga ta fara ruwa. Ba ta yaɗuwa cikin gida. Ita reza tana kama ta cikin sauƙi, in dai ka matse fatar ka kankare har jini ya ɗan tsattsafo, don a ramin gashi take zaune. Wannan ce deksa ke mayarwa bala'i.

Na ukun jiya da na ce a dakata, alaji nake zato. Dubi inda yake taɓawa: yana lasar dagi yana tauna tsakanin yatsu, yana goga fuska a ƙasa, hammata da matse-matsi sun yi ja. Kunnensa ma ya kamu, amma cikin kunnen ne ya yi ja yana wari, bakin kunnen lafiya lau, ƙugu ma lafiya. Kunne ɗaya, ciki alaji, baki ƙazuwa. Farin kare ne, shi ya sa ka ga gashin ƙafafunsa ya rine ya yi ja-ja, yawu ne ya rina shi. Irin wannan yakan fara tsakanin wata 6 da shekara 3, ya tafi ya dawo, wani da damina, wani da ƙurar hunturu, kuma shi kaɗai ke yi a gidan.

Duk da haka ban furta sunan ba, domin alaji ba a ganinsa a madubi, sai an kore sauran ake isa gare shi. Za mu fara da kashe ƙuma a jikinsa da makwancinsa, tunda ƙwai da tsutsotsinta a ƙasa da tsumma suke, ba a jikin kare ba. Za mu yi masa maganin ƙazuwa ko da reza ba ta nuna komai ba. In an yi mako 6 yana nan yana lasar dagi, sai mu koma kan abinci: nama iri ɗaya da bai saba ci ba da abin haɗi iri ɗaya, mako 8, ba ragowar tuwo, ba ƙashin da yara za su jefa masa. Ta wurin susa kaɗai ba za ka raba alajin abinci da na ƙura ko ciyawa ba, wurarensu ɗaya ne.

Ranar Asabar za a dawo da shi. Kai za ka karɓe shi. Kafin ka taɓa shi ka zana kare a takarda, ciki da baya, ka sa alama duk inda ya kai baki ko ƙafa. Ka tambayi mai shi ko an shafa masa baƙin mai, don na ji ƙaurinsa jiya. In an shafa, a wanke shi da sabulu tukuna, kuma ka gaya masa kada a ƙara, guba ce kare ke lashewa.