Kwatanta gwaji da gwaji wajen gano odar haɗuwar sinadarai

Tambaya: "An ba mu 2NO + 2H₂ → N₂ + 2H₂O da gwaji uku. Na rubuta sauri = k[NO]²[H₂]², aka ce ba daidai ba ne. Kuma ban ga gwaji biyu masu [NO] iri ɗaya ba. Yaya zan yi?"

```
Gwaji   [NO]/M   [H₂]/M   saurin farko / M s⁻¹
1       0.004    0.002    8.0 × 10⁻⁶
2       0.008    0.002    3.2 × 10⁻⁵
3       0.012    0.004    1.44 × 10⁻⁴
```

Malam, na shafe shekaru ina duba takardun ɗalibai a kan wannan darasi, kuma kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne ɗaukar lambobin da ke gaban sinadarai a ikweshan a mayar da su oda. Waɗannan lambobin suna nuna adadin abin da ya shiga da abin da ya fito ne kawai, ita kuwa oda sai gwaji ke bayyana ta. Don haka ka fara da rubuta sauri = k[NO]ᵐ[H₂]ⁿ, ka bar m da n, wato odar NO da ta H₂, a matsayin abin nema.

Ka ɗauki gwaji na 1 da na 2, domin [H₂] bai canza ba a cikinsu. Idan ka raba saurin na 2 da na 1, k zai fita, [H₂] ma zai fita, sai tasirin NO kaɗai ya rage. An ninka [NO] sau 2, sauri kuma ya ninku sau 4, wato 2ᵐ = 4, ke nan m = 2. A nan amsarka ta dace da ta gaskiya, amma dacewa ce kurum, kuma irinta ce ke sa ɗalibi ya amince da hanyar da ba ta ɓullewa.

Batun H₂ shi ne inda ya kamata ka natsu. Ba dole ba ne a samu gwaji biyu masu [NO] iri ɗaya, tunda ka riga ka san yadda NO ke tasiri, kuma kana iya cire rabonsa. Daga gwaji na 1 zuwa na 3, [NO] ya ninku sau 3, [H₂] sau 2, sauri kuma sau 18. Da yake m = 2, NO shi kaɗai ya ninka saurin sau 9, saboda haka abin da ya rage wa H₂ shi ne 18 a raba da 9, wato 2. Ke nan 2ⁿ = 2, n = 1. Dokar saurin ita ce sauri = k[NO]²[H₂], odar gaba ɗaya kuma 3 ce.

Ban taɓa yarda da amsa ba sai na fitar da k daga kowane gwaji daban. A na 1, k = 8.0 × 10⁻⁶ / (0.004² × 0.002) = 250 M⁻² s⁻¹, kuma na 2 da na 3 duk 250 suke bayarwa. Da ka gwada dokar da ka rubuta, gwaji na 1 zai ba ka 125,000, na 3 kuma 62,500. Matuƙar zafi bai canza ba, k ba ya canzawa, don haka wannan saɓani ya isa ya nuna maka akwai odar da ba daidai ba tun kafin malami ya gani.

Za ka iya tambayar dalilin da ya sa H₂ ke da oda 1 alhali ikweshan ta nuna biyu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne haɗuwar tana tafiya mataki-mataki: NO biyu su haɗu da sauri su zama N₂O₂, wannan ya haɗu da H₂ ɗaya a matakin da ya fi jinkiri ya ba da N₂O da ruwa, sannan H₂ na biyu ya shigo daga baya. Abin da ya shigo bayan matakin jinkiri ba ya fitowa a dokar sauri. Sai dai ka lura cewa oda tana iya kore bayanin da bai dace ba, amma ita kaɗai ba ta tabbatar da wanda ya dace.

Alƙaluman ɗakin gwaji ba sa zuwa a daidaice kamar na takardarka. Idan ninkin bai fito sarai ba, ka yi amfani da m = log(ninkin sauri) / log(ninkin yawan sinadarin). In ka ninka sinadari sau 2 sauri ya ninku sau 3.8, za ka samu 1.93, kuma wannan 2 ne da ɗan kuskuren awo. Amma in ya ninku sau 2.8, amsar tana kusa da 1.5, kuma kada ka tilasta mata zama 1 ko 2, domin akwai haɗuwar da odarta ba cikakkiyar lamba ba ce. Kafin ka yarda da irin wannan sakamako, ka tabbata an yi gwaje-gwajen a zafi ɗaya, kuma an auna saurin tun farkon haɗuwa, lokacin da yawan sinadaran bai ragu sosai daga wanda aka rubuta a jadawali ba.