Maigida yana shan taba a shago, ga jariri a gida

Tambaya: Maigidana yana shan taba a shagonsa da ke jikin gidanmu, ga jaririnmu ɗan wata uku. Idan ya buɗe taga ya kunna fanka, ya wadatar?

'Yar'uwa, bai wadatar ba. Fanka tana zagaya hayaƙin ne kawai, iska kuma tana iya turo shi cikin gida ta ƙofar da ta haɗa shagon da ɗaki. Turaren wuta ma wari yake rufewa, gubar tana nan.

Jaririn ne abin tsoro, domin yana numfashi da sauri fiye da babba, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Hayaƙin yana jawo masa ciwon huhu, ciwon kunne da shessheƙa, yana kuma ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Mai ciki, mai asma da mai ciwon zuciya su ma suna cutuwa sosai, haka yaron shagon da ke wuni a ciki.

Ki lallaɓa shi ya riƙa sha a waje, nesa da ƙofa da taga, ko da daddare ne. Hayaƙin yana maƙalewa a tufafi da labule, don haka ya ware rigar da zai cire, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaron. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a rufaffun wuraren jama'a, yana da hujjar hana abokan ciniki ma.

In kin ga yaron yana numfashi sama-sama, ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ki kai shi asibiti nan take.