Fatawa: Shin ha'inci ne a fassara mulari'i da lokacin da ya wuce a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, an ba ni aikin juya hadisin farkon wahayi zuwa Turanci domin wani ɗan littafin da'awa. A makaranta an koya mana cewa fi'ili mali na abin da ya wuce ne, mulari'i kuma na yanzu ko na gaba. Da na bi wannan ƙa'ida sai labarin ya rikice. Idan na saki ƙa'idar kuma ina tsoron in canza maganar hadisi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wajibi ne a kanka ka bi lokacin da maganar take nufi, ko da ya saɓa wa siffar fi'ilin. Jumhurun malamai sun halatta ruwaito hadisi da ma'ana ga wanda ya san harshen kuma ya san abin da ke jirkita ma'ana, tarjama kuwa reshe ce ta wannan babi. Jerin abubuwan da suka faru, wanne ne farko wanne ne ƙarshe, yana cikin ma'anar da aka ba ka amana. Wanda ya kiyaye siffar fi'ili ya hargitsa jerin, shi ne ya canza hadisi.

Ƙa'idar da aka koya muku ta masu farawa ce. A cikin labari, mali yana nuna aikin da ya kammala, mulari'i yana nuna wanda ke gudana ko ke maimaituwa, lokacin kuma ana gane shi daga kalmomin da ke kewaye. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Idan ka ce "jiya na same shi yana karatu", ai "yana" ɗin nan jiya ne. Turanci ne ke tilasta wa kowace jumla ta bayyana lokacinta, daga nan wahalarka ta taso.

Mu ɗauki hadisin da ke hannunka, na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, na 3 a Sahihul Bukhari. Ta ce: "wa kana yakhlu bi gari Hira'in fa yatahannasu fihi", har zuwa "summa yarji'u ila Khadijata fa yatazawwadu li misliha". Fi'ilan nan duk mulari'i ne, amma "kana" da ke farko ta ja su gaba ɗaya zuwa baya, ta mai da su al'ada. Ma'ana, yakan keɓe a kogon Hira, yakan yi ibada darare masu yawa, yakan koma wurin Khadija ya sake guzuri. A Turanci ka buɗe da *used to*, sauran ka bi su da *would*. Wurin da ɗalibai suke zamewa shi ne "summa yarji'u", don "kana" ta yi nisa sun manta da ita. Sai su rubuta *then he returned*, mai karatu ya ɗauka sau ɗaya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma gida, a zuwa na biyu mala'ika ya zo. Hadisin bai faɗi haka ba. Ya nuna kai da kawowa ne na tsawon lokaci.

Al'adar tana yankewa a "hatta ja'ahul haƙƙu". Daga nan labari ya koma mali: mala'ika ya zo, ya ce, ya riƙe Annabi, ya sake shi. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kowane aiki na bin ɗan'uwansa, kuma shuɗaɗɗen lokaci mai sauƙi na Turanci ya ishe shi. Babu wata wahala a nan.

Sai ka iso "fa raja'a biha Rasulullahi yarjufu fu'aduhu". Ga mali, ga mulari'i a bayansa ba tare da wawu ko fa'u ba. Malaman nahawu suna kiran wannan jumlar hali: ya komo zuciyarsa tana kaɗawa. Kaɗawar da komowar a lokaci guda suke. Don haka kada ka ba "yarjufu" jumla tata mai cin gashin kanta, ka rataye ta a jikin ta farko, ka ce *his heart trembling*. Idan ka sa *and then* a tsakani, ka mai da firgitar abin da ya same shi bayan ya iso gida.

Inda na fi so ka nutsu shi ne bayanin Waraƙa ɗan Naufal. Bayan an ce Khadija ta kai shi wurin Waraƙa, sai mai ruwaya ta dakatar da labari ta koma baya: "tanassara fil jahiliyya", sannan "wa kana shaikhan kabiran ƙad amiya". Siffar "tanassara" da "amiya" ɗaya ce da ta "ja'a" da "ƙala", duk mali ne, amma ba a kan layi ɗaya suke ba. Shigarsa addinin Nasara da makancewarsa sun riga wannan ziyara. Turanci yana da siffa ta musamman ga abin da ya wuce kafin wani abin da ya wuce, wadda ake ginawa da *had*. Ita za ka sa: *had become a Christian*, *had gone blind*. In ka bar su a siffa mai sauƙi, wanda bai san sira ba zai iya fahimtar cewa Waraƙa ya makance ne bayan sun shigo. Duk inda ka ga "kana" da "ƙad" sun haɗu a kan mali cikin labari, to ka nemi *had*.

Maganar da ke cikin bakin mutane kuwa tana da nata agogon. Da Khadija ta ce "innaka la tasilur rahim", halinsa na kullum take faɗa a lokacin da take magana, sai ka bar shi a lokacin yanzu. Da Waraƙa ya ce "iz yukhrijuka ƙaumuka", fitarwar ba ta faru ba tukuna, sai bayan kimanin shekara 13, alhali "iz" galibi da abin da ya wuce take tafiya. Tambayar Annabi da ta biyo baya, "awa mukhrijiyya hum?", ita ta tabbatar maka gaba ake nufi. Haka "lam" tana juya mulari'i baya: "summa lam yanshab Waraƙatu an tuwuffiya" na nufin bai jima ba ya rasu.

Wannan izini yana da iyaka. Kada ka ɗauki "kana" ta zama *was* a ko'ina. A faɗin Allah "wa kanallahu gafuran rahima", siffa ce tabbatacciya wadda ba ta gushe ba, wanda ya fassara ta da abin da ya wuce ya taɓa aƙida. Kuma akwai wuraren da sauya fi'ili yake ɗauke da manufa, kamar aya ta 87 a Suratul Baƙara: "fa fariƙan kazzabtum wa fariƙan taƙtulun". Ƙaryatawa ta zo da mali, kisa da mulari'i. Wasu masu tafsiri sun ce don a halarto da munin abin ne a gaban ido, wasu sun ce don yunƙurin bai tsaya ba. A irin wannan ba ka da ikon zaɓe da ra'ayinka. Ka koma tafsiri, ka ɗauki fuska ɗaya, ka ambaci ɗayar a ƙasan shafi.

Kafin ka miƙa aikin, ka ba wani mai jin Turanci wanda bai san hadisin ba ya karanta, ka ce ya jero maka abubuwan da suka faru, ya kuma gaya maka wanne ne ya faru sau ɗaya, wanne ya maimaitu. Duk inda jerinsa ya saɓa wa na Larabcin, fi'ilin wurin za ka gyara. Sannan ka nuna wa malamin hadisi kafin a buga.

Wallahu a'alam.