Nawa takalmin dala 80 zai tsaya min a naira?

Tambaya: Ina son sayo takalmi daga waje da katin banki, dala 80 ne, kudin turowa dala 15. Ta yaya zan san abin da za su cira?

Malam, dala 95 ce kudin kayanka, da ita za ka yi lissafi. Kada ka dauki farashin da Babban Bankin Najeriya ya wallafa, ko wanda 'yan canji ke sayen dala a titin Broad Street na Legas. Bankinka na da nasa farashin kati, kuma galibi ya fi na Babban Banki tsada. Ka tambaye su na ranar, ka tambaya ko akwai cajin da suke dorawa.

A ce, misali, sun ce N1,550, caji kashi 2 cikin 100. Dala 95 sau 1,550 ya ba ka N147,250, cajin N2,945, jimla N150,195.

Inda ake yawan rikicewa shi ne ranar biya daban, ranar kammala cinikin daban. Banki kan rike kudin tukuna, ya cire na karshe bayan kwana biyu ko uku. Idan dala ta koma N1,580 kafin nan, wasu bankunan da sabon farashin za su yi, kudin ya zama N153,102. Shi ya sa za ka ga an sake cire N2,907 ka zaci sata ce. Don haka ka bar rarar kashi 5 cikin 100 a asusun.

In shafin da kake sayen takalmin ya ce ka biya da naira, zabi dala, canjinsu yakan fi na banki tsada. Kudin kwastam kuma daban yake in kayan sun iso Legas.