Kuɗin Gina Gida a Sakkwato: A Riyal Za a Bar Su Ko a Naira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin tuƙi a Jidda, kuma duk wata nakan tura abin da na rage zuwa asusuna na banki a Sakkwato domin in gina gida a unguwar Arkilla. Kuɗin suna ƙaruwa a takarda, amma duk lokacin da na tambayi farashin kayan gini sai in ga ginin ya ƙara yi mini nisa. Ina zan ajiye su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya yi wa nema albarka. Tsadar kaya ba ta taɓa lambar da ke cikin asusu, abin da lambar za ta iya saya shi take ragewa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 farashin kaya ya haura na Disamban 2023 da kashi 34.8 cikin ɗari. Ke nan wanda ya ajiye naira miliyan ɗaya tsawon wannan shekarar, kayan da za ta saya masa a ƙarshenta ba su wuce abin da naira 742,000 ke saya a farkonta ba. Ko da banki ya ɗora masa ruwan kashi 8, wanda da yawa daga cikinmu ba ma karɓa saboda riba ce, darajar ajiyar ba za ta wuce naira 801,000 ba.

Kai kuma kana da wata dama da mutanen gida ba su da ita, domin da riyal ake biyanka, kuma tun 1986 riyal 3.75 ke daidai da dala ɗaya. A farkon 2023 dala tana kusan naira 750 wajen 'yan canji, saboda haka riyal 10,000 za ta ba ka kamar naira miliyan biyu. Bayan gwamnati ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta kai 1,500 a 2024, riyal 10,000 ɗin nan ta koma kusan miliyan huɗu. Wanda ya yi saurin canzawa ya zuba a asusu, rabin guminsa ya tafi ba tare da kowa ya sace masa ko kwabo ba. Shawarata ita ce ka daina mayar da kuɗin gini naira sai ranar da za a biya wani abu da su. Ka bar su a asusunka na can muddin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, tana da rai, ko ka buɗe asusun dala a bankin gida da sunanka. Ka sani dai naira takan farfaɗo, kamar yadda ta yi a watan Afrilun 2024, don haka ba ciniki da canji nake kiranka ba, tsare daraja kawai nake nufi.

Abu na biyu shi ne ka riƙa mayar da kuɗin abin da kake tara su dominsa. Idan ba ka da fili, da shi za ka fara, kuma kada a biya kuɗi sai an tantance takardunsa a ma'aikatar filaye ta jiha, an rubuta yarjejeniyar ciniki da sunanka a gaban shaidu. Na ga filin ɗan ci-rani da aka rubuta da sunan ƙaninsa don sauƙi, da ƙanin ya rasu sai filin ya shiga rabon gado. Bayan fili, rodi da kwanon rufi suna jure ajiya idan an ɗaga su daga ƙasa a ɗaki busasshe. Siminti kam kada ka tara shi, domin 'yan watanni kaɗan ya fara daskarewa, musamman da damina. Idan ka saya, a buga bulo ko a zuba harsashi nan take, ka riƙa yin ginin mataki-mataki kana neman rasit da hoton kowane aiki.

Nairar da ta riga ta taru kuma ba ka buƙatarta da wuri, ka duba Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato tsarin zuba jari marar riba, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Kuɗin haya ake biya sau biyu a shekara, kuma ana shiga da naira 10,000. Sai dai na 2023 kashi 15.75 yake bayarwa, wanda bai kamo tsadar 2024 ba, kuma wa'adinsa shekara goma ne, idan ka sayar kafin lokacin farashin kasuwa za ka karɓa. Yana rage asara ne, ba lallai ya hana ta ba.

A asusun naira ka bar abin da zai riƙe iyali wata uku ko makamancin haka, saboda rashin lafiya da kuɗin makaranta. Sauran kuma, riyal ne ko dala, idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansa, ka sa zakkar kashi 2.5 cikin lissafin ginin tun yanzu.